Nama Yana Tsaya Mini a Ƙirji, Ruwa Kuwa Yana Wucewa

*Assalamu alaikum, Likita. Ni magidanci ne ɗan shekara 47. Kusan wata takwas ke nan, idan na haɗiye nama ko burodi sai in ji lomar ta tsaya mini a tsakiyar ƙirji, sai na kora da ruwa sannan ta wuce. Ruwa da shayi ba sa ba ni matsala. Da can jefi-jefi ne, yanzu kusan kullum, har shinkafa ma ta fara. Sau biyu lomar ta ƙi wucewa sai da na amayar da ita. Na fi shekara goma ina fama da ƙwannafi, ina shan farin maganin nan na ruwa, amma abin mamaki yanzu ƙwannafin ya ragu. Ban lura na rame ba. Mai kemis ya ce jijiyar maƙogwarona ce take murɗewa saboda damuwa, in rage tunani. Maiɗakina kuma hankalinta ya tashi, tana tsoron cutar kansa ce. Wane ne mai gaskiya a cikinsu, kuma me zan yi?*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya.

Ban yarda da maganar mai kemis ba. Abin da ke damunka ya fi kama da tsukewar hanyar abinci, wato wani wuri a cikin bututun ya ƙanƙance, kuma rage tunani ba ya buɗe wurin da ya tsuke. Ita kuma maiɗakinka, ba zan ce mata ta yi gaskiya ba, ba kuma zan ce ta kwantar da hankalinta ta manta ba, domin ba a raba tsukewar tabo da tsukewar ƙari ta hanyar wasiƙa. Sai an zura kyamara an gani da ido. Shawarata ita ce ka nemi a yi maka wannan gwaji cikin makonni biyu ko uku masu zuwa, kada ka bar shi sai ka samu sarari. Bari in nuna maka yadda na kai ga wannan, don ka iya tsayawa a kan maganarka idan wani ya sake miƙo maka kwalbar magani ya ce ka je ka gwada.

Daga bayan maƙogwaro zuwa tumbi akwai bututu na tsoka, tsawonsa wajen santimita 25 a jikin babban mutum. Yana da ƙofa biyu, ɗaya a sama wajen wuya, ɗaya a ƙasa inda ya haɗu da tumbi. Mutane da yawa suna zaton loma faɗawa take yi kamar dutse a rijiya. Tura ta ake yi. Da ka haɗiye, tsokar da ke bayan lomar sai ta matse, ta gabanta ta saki, haka matsin zai riƙa gangarowa kamar yadda kake matso man goge baki daga gindin kwalinsa, kuma kafin lomar ta iso ƙasa ƙofar tumbi ta riga ta buɗe tana jira. Duk tafiyar ba ta cika wuce daƙiƙa goma ba. Saboda haka hanya biyu ce kawai abinci zai tsaya a ƙirji: ko bututun ya yi wa lomar kaɗan, ko kuma tsokar da ke turawa da ƙofar da ke buɗewa sun daina aiki tare. Ta farko ita ce tsukewa. Ta biyu ita ce matsalar motsi, kuma murɗewar da aka ambata maka tana cikinta.

Abin da ke raba su tun kafin a yi gwaji shi ne ruwa. Ka ɗauki mazurari mai ƙaramin baki: ruwa zai bi ta cikinsa komai ƙanƙantarsa, amma tsakuwa za ta tsaya. Bututun mai lafiya yana iya buɗewa ya kai santimita biyu ko fiye idan loma ta zo. Idan wani wuri ya tsuke ya koma ƙasa da milimita 13, wato kusan kaurin ƙaramin yatsanka, to da wuya nama ya wuce lafiya. Tsakanin milimita 13 da 20 kuwa ya danganta da girman loma da yadda aka tauna ta, shi ya sa a farkon ciwon yau ta tsaya gobe ta wuce, mutum ya ce ai sauri na yi. Nama da burodi su ne suke fara tona asirin wurin: nama ba ya narkewa da miyau, burodi kuma yana dunƙulewa ya zama curi mai danƙo. Ranar da abinci mai ƙananan ƙwayoyi ya fara tsayawa, ramin ya ƙara raguwa ke nan. Idan kuwa tsoka ce ta rikice, ba ruwanta da girman abin da aka haɗiye. Ruwa ma tsayawa yake, sau da yawa tun daga ranar farko, wani lokaci ma ruwan ya fi abinci wahala. Mutumin da ruwa ke wuce masa sumul, har yana amfani da shi wajen tura loma, kuma abin yana ƙaruwa mataki-mataki daga abinci mai tauri zuwa mai laushi, labarin tsukewa yake bayarwa.

To me ya tsuke shi? A wajenka abin da na fi zato shi ne tabon da ruwan tumbi ya bari. Ruwan tumbi yana da tsami mai ƙuna, kuma fatar cikin tumbi an halicce ta da kariya daga gare shi, amma fatar bututun abinci ba ta da wannan kariyar. Idan ƙofar ƙasa ta yi sako-sako, ruwan yana tasowa ya ƙona ƙarshen bututun, ƙunar da ake ji ke nan a ce ƙwannafi. Ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya warke ya bar tabo, ruwan ya sake tasowa ya sake ƙonawa. Ka taɓa ganin wanda wuta ta ƙona a gwiwar hannu, bayan ya warke hannun ya ƙi miƙewa? Halin tabo ke nan, yana janyewa kuma ba ya talewa. Idan ya zagaye bututu, to yana ɗaure shi ne a hankali, shekara bayan shekara. Irin wannan tsukewa galibi tana can ƙasa dab da tumbi, kuma gajera ce, ba ta cika wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Farin maganin ruwa yana kashe zafin na ɗan lokaci, awa ɗaya ko biyu, amma ba ya hana tumbi ƙera tsamin, saboda haka mutum yana samun sauƙi a baki ƙunar tana ci gaba a ciki, musamman da dare yana kwance.

Raguwar ƙwannafin nan ita ce ta fi jan hankalina, kuma kada ka ɗauke ta a matsayin albishir. Idan wurin ya tsuke, shi kansa yana zama kamar toshiya, ruwan tumbi ba ya samun hanyar hawowa sama sosai, sai ƙunar ta lafa daidai lokacin da haɗiya ta fara wuya. Akwai kuma wani dalilin. A wasu mutane, bayan shekaru na ƙuna, fatar ƙarshen bututun tana sauya kama ta koma irin ta hanji, wadda ba ta jin zafin tsami sosai. Wannan sauyin shi kansa ba cutar kansa ba ne, kuma mafi yawan masu shi ba sa kamuwa da ita, amma a kansa ne nau'i ɗaya na kansar bututun abinci yake tsirowa. Shi ya sa mai dogon tarihin ƙwannafi da ya fara jin abinci yana tsayawa ba a yi masa magani da ka.

Nan ne tsoron maiɗakinka yake da gurbi. Ƙari yana tsuke bututu kamar yadda tabo yake yi, kuma shi ma da nama yake farawa. Bambancin da muke dubawa shi ne sauri da rama. Tabo yana tafiyar hawainiya, watanni da yawa ko shekaru, mutum yana ci yana ƙoshi da dabara, nauyinsa bai cika faɗuwa ba. Ƙari yakan yi sauri: cikin makonni ko 'yan watanni a tashi daga nama zuwa abinci mai laushi zuwa mai ruwa-ruwa, ga rama, ga rashin sha'awar abinci, wani lokaci ga dushewar murya ko ƙarancin jini ko baƙin bayan gida. Ya fi yawa a waɗanda suka haura shekara 50, da masu shan taba ko giya. Wata takwas ba tare da rama ba ya fi karkata ga tabo, kuma wannan abin ƙarfafa gwiwa ne. Sai dai karkata daban, tabbaci daban. Kuma “ban lura ba” ba awo ba ne: ka hau sikeli a makon nan ka rubuta, ka sake hawa bayan mako biyu, ka duba ko ramin bel ɗinka ya matsa. Mutanen gida su ne na ƙarshe wajen ganin rama, don kullum suna tare da kai.

Akwai wasu masu tsukewa guda biyu da kyamara za ta nema. Ɗaya siririn zobe ne na fata a daidai mahaɗar bututu da tumbi, wanda ake kira da sunan likitan hoto Richard Schatzki da ya yi bayaninsa a 1953. Halinsa daban ne: mutum zai yi watanni lafiya ƙalau, rana ɗaya ya haɗiye ƙatuwar lomar nama cikin hira ta tsaya cak, sannan ya sake yin watanni lafiya. Ba ya ƙaruwa mataki-mataki. Ɗayan kuma kumburi ne irin na borin jiki, inda wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil suke taruwa a bangon bututun saboda jiki ya ƙi jinin wani abinci, galibi madara ko alkama ko ƙwai. Ya fi kama maza matasa, musamman masu asma ko yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata, kuma da yawansu tun suna yara su ne na ƙarshen tashi daga kan abinci, kowace loma da kurɓin ruwa. Idan kana da asma, ka faɗa wa likita, domin wannan ciwon wani lokaci ido ba ya ganinsa sai an ɗebi ɗan nama an duba. Sauran dalilai, kamar ƙwayar magani da ta maƙale ta ƙona wurin, ko shan wani abu mai ƙuna irin soda a baya, ko gashin cutar kansa da aka taɓa yi a ƙirji, mai su yakan san tarihinsa.

Yanzu ga murɗewar. Ciwo ne na gaske, sai dai bai kai yawan da ake ɗora masa ba, kuma kamanninsa ba naka ba ne. Maimakon matsin ya gangaro bi da bi, sai ƙasan bututun ya matse gaba ɗaya lokaci guda, kafin lokacinsa. Loma ko kurɓin ruwa sai ya rasa gaba ya rasa baya. Babbar alamarsa zafi ne: ɗaurewar ƙirji mai tsanani da ke iya ratsawa zuwa baya ko muƙamuƙi, ta yi mintuna, sannan ta saki kamar ba a yi ba. Ruwa mai sanyi ƙarara ko mai zafi sosai yana tayar da shi, ɓacin rai ma haka, kuma yana zuwa ne ya tafi, yau a ci nama lafiya gobe ruwa ya tsaya. Ba ya bin tsari daga mai tauri zuwa mai laushi. A hoton bariyam, wato hoton da ake ɗauka mutum yana haɗiyar wani farin ruwa mai kauri, idan aka dace da lokacin, bututun yakan fito a lanƙwashe kamar igiyar da aka murɗa. Wani abin da ya kamata kowa ya sani: zafin nan yana kama da na ciwon zuciya sosai, har maganin da ake sa wa mai ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe yana sassauta shi. Don haka ba a ce wa ɗaurewar ƙirji murɗewa sai an fara wanke zuciya daga zargi, balle idan tana zuwa da tafiya ko hawan bene, da gumi, da sarƙewar numfashi. Kuma masu shan tiramadol ko kodin ko danginsu na tsawon lokaci suna iya samun irin wannan rikicewar motsi, ta lafa idan an daina.

Babbar 'yar'uwar murɗewa ita ce akalasiya. A nan ƙwayoyin jijiyar da ke ba ƙofar tumbi umarnin sakin jiki su ne suka mutu, sai ƙofar ta zauna a ɗaure, bututun da ke samanta kuma ya daina turawa, ya riƙa faɗi yana tara abinci kamar jaka. Mai akalasiya ruwa da abinci duk suna tsaya masa. Yana dawo da abincin da ya ci awanni da suka wuce ba tare da tsami ba, don bai taɓa isa tumbi ba, yana tashi da dare da tari ko ya tarar da matashinsa ya jiƙe, kuma yakan koyi dabaru irin su miƙewa tsaye ko ɗaga hannuwa ko bankaro ƙirji don abinci ya sauka. An daɗe da sanin ciwon: a ƙarni na 17 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ba wani mai fama da shi sanda ta ƙashin kifin teku da soso a bakinta, yana tura abinci da ita bayan ya ci. Yau ana buɗe ƙofar da balam-balam mai ƙarfi, ko a yanka zaren tsokarta, aikin da Ernst Heller ya fara yi a 1913. Na kawo ta ne don sau da yawa ana shafe shekaru ana ba masu ita maganin ƙwannafi, kuma don ka ga yadda labarin matsalar tsoka yake da nisa da naka.

Damuwa fa? Tana da nata, amma wani abu ne daban. Akwai masu jin kamar ƙulli ko curi a maƙogwaro, a nan wajen wuya, yini guda, musamman idan suna haɗiyar miyau kawai. Da sun zauna cin abinci sai ya ɓace ko ya ragu, kuma loma ba ta taɓa tsayawa. Wannan ne ake dangantawa da damuwa da ƙwannafi da yawan gyaran murya, kuma galibi ba shi da haɗari. Ina jin shi mai kemis yake nufi. Tambayar da ke raba su ɗaya ce: abincin da kansa yana tsayawa, ko kuwa ji ne kawai da ke nan ko ba a ci komai ba? Lomar da sai an amayar da ita ta riga ta amsa.

Wani abin lura game da wurin da ake nunawa da yatsa. Jijiyoyin bututun ba su iya kwatance ba. Wanda ya nuna tsakiyar ƙirji ko ƙahon zuci, yawanci matsalar tana nan ko ƙasa da nan kaɗan. Amma wanda ya nuna gindin wuya, tsukewarsa tana iya kasancewa can ƙasa dab da tumbi, ciwon ne yake kai ƙara sama. Don haka masu cewa a wuya abin yake tsaya musu, ba lallai a wuyan yake ba. Matsalar wuya ta ainihi tana bayyana ne a daƙiƙar farko ta haɗiya: mutum ya kasa fara haɗiyar, ya ƙware, ya yi tari, ruwa ya fito ta hanci, murya ta jiƙe. Wannan ta tsofaffi ce da masu shanyewar ɓarin jiki da cututtukan jijiya, kuma hanyar bincikenta daban.

Gwajin da kake buƙata sunansa endoskofi, likitan ciki da hanji ne yake yin sa. Za a ce kada ka ci komai na awa shida zuwa takwas. A fesa maka maganin kashe zafi a maƙogwaro, ko a yi maka allurar da za ta sa ka gyangyaɗi, sannan a zura siririyar tiyo mai kyamara, kaurinta wajen santimita ɗaya, ta baki. Ba ta hanyar numfashi take bi ba, za ka ci gaba da numfashinka. Dubawar kanta minti goma ce zuwa sha biyar. Likita zai ga ko akwai tsukewa, a ina take, santsi gare ta kamar tabo ko kuwa mai kaushi ce mai saurin jini. Ka roƙi abu ɗaya tun kafin a fara: a ɗebi ɗan nama daga wurin da ya tsuke, kuma ko da ba a ga komai ba a ɗeba daga sama da ƙasan bututun. Ɗibar ba ta da zafi. Ita ce ke tabbatar da babu kansa, ita ce kuma ke kama kumburin borin nan. Ka faɗa musu duk magungunan da kake sha, musamman masu tsinka jini da na ciwon suga. Idan an yi maka allurar gyangyaɗi, kada ka tuƙa mota ranar, ka je da wani.

Idan endoskofi ya yi wuyar samu da wuri, hoton bariyam yana taimakawa: ka sha wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana sauka. Ya fi amfani idan aka haɗa da ƙwayar bariyam mai faɗin milimita 13, don ruwa zalla yana iya sulalewa ta ƙaramar tsukewa ba a lura ba, ƙwayar kuwa za ta tsaya a wurin. Amma hoto ba ya ɗibar nama, saboda haka idan ya nuna tsukewa, kyamarar dai za a koma. Gwaji na uku, manometiri, shi ne na tsoka: siririyar tiyo ta hanci mai auna matsi, kana kurɓar ruwa sau goma tana rubuta yadda kowane sashe yake matsewa. Da shi kaɗai ake tabbatar da murɗewa ko akalasiya, kuma ana yin sa ne bayan kyamara ta nuna babu abin da ya tare hanya. Ka ga ke nan murɗewa ita ce amsar da ake kaiwa a ƙarshen bincike, ba wadda ake farawa da ita a kan kanta ba.

Mu ɗauka an duba an tarar da abin da nake zato: tabo mai santsi a ƙarshen bututu, raminsa milimita 10 ko 11. Sau da yawa a zaman nan za a fara buɗe shi, ko da balam-balam da ake hurawa a cikin tsukewar, ko da sanduna masu laushi da ake zurawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗan fi ta baya kauri. Ba a buɗewa gaba ɗaya rana guda. Tsohuwar ƙa'idar masu aikin ita ce, daga inda aka fara jin turjiya kada a wuce mataki uku a zama ɗaya, wato kusan milimita uku. Daga 11 sai a tsaya wajen 13 ko 14, ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu a kai 15 ko 16, wanda a nan ne mafi yawan mutane suke komawa cin abinci yadda suka saba. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne bangon bututun siriri ne, kuma babban haɗarin aikin shi ne ya yage. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan bayan an buɗe ka ji zafin ƙirji mai tsanani da ba ya lafawa, ko zazzaɓi, ko wahalar numfashi, ka koma asibiti a take. Ɗan raɗaɗin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu kuwa ba komai ba ne.

Buɗewa rabin aiki ne. Idan ruwan tumbi ya ci gaba da tasowa, tabon zai dawo. Saboda haka za a ɗora ka a kan maganin da ke rage ƙera tsamin tun daga tushe, irin su omefirazol, kullum, kuma ga mai tabo galibi na dogon lokaci ne. Ana shan sa minti talatin zuwa awa ɗaya kafin abincin safe, domin yana kama famfunan tsamin ne lokacin da abinci ya tashe su. Wanda ya sha shi da dare bayan ya ƙoshi ya rage masa ƙarfi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji daɗi bayan wata biyu ya ajiye maganin, bayan wata shida ya dawo da lomar a ƙirji. Ka bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka ɗaga kan gadon kansa da kamar santimita 15 maimakon tara matasai, idan akwai ƙiba a rage, idan ana shan taba a bari. Kashedi ɗaya: kada ka sayi omefirazol yau ka ji sauƙi ka fasa gwajin. Yana iya rage kumburin da ke kewaye da tsukewa kowace iri ce, har da ta ƙari, haɗiya ta ɗan gyaru, a yi asarar watanni.

Kafin ranar gwajin, ka yanka nama ƙanana ƙwarai ko ka bar shi, ka guji busasshen burodi, ka ci a zaune a miƙe, loma ƙarama, tauna sosai, ruwa a kusa. Duk ƙwayar magani ka sha ta da cikakken kofin ruwa kana zaune ko tsaye, kada ka kwanta sai bayan rabin awa, domin ƙwayar da ta tsaya a tsukewa tana narkewa a wurin ta ƙona shi. Doksisaikilin da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen sun yi suna a wannan.

Idan loma ta sake tsayawa, ka daina ci, ka miƙe, ka ɗan jira, ka gwada ƙaramin kurɓi ɗaya. In ya dawo, kada ka ƙara. Kada ka tura wata lomar a kanta, kada ka zura yatsa ko wani abu, kada ka sha garin tausasa nama, don shi bai san bambancin naman da ka ci da naman jikinka ba. Idan ta wuce awa ɗaya ko biyu ba ta motsa ba, ka tafi asibiti. Idan kuwa ko miyaunka ba ya wucewa, kana ta tofarwa, hanyar ta toshe gaba ɗaya ke nan: ka tafi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne, a cire ta da kyamara cikin 'yan awanni. Haka ma idan akwai ƙashi a ciki, ko ka ga jini a amai.

Ranar da za ka ga likita, ka tafi da maiɗakin taka. Ita ce ta san tun yaushe ka fara ture nama gefe.